Saƙon Tunatarwar Sakatare Kafin Zama: Sharhi a Kan Kwamitin Kula da Makaranta

Takardar kiran taro da saƙon tunatarwa abubuwa biyu ne daban, ko da yake sakatarori da yawa suna haɗa su a saƙo ɗaya, sannan su yi mamakin yadda mambobi suka hallara hannu sake. Takardar kira tana faɗin rana da lokaci da wuri da ajanda, kuma kowa iri ɗaya yake samu. Saƙon tunatarwa kuwa yana komawa ga abin da aka zartar a zaman da ya gabata, ya ware ayyukan da har yanzu ba a kammala ba, ya faɗi wanda kowane aiki yake wuyansa da ranar da ake buƙatar sakamakonsa. Idan aka cusa na biyu cikin na farko, ido yakan tsaya a kan ranar taro, ragowar kuma ta zama jimla ɗaya mai cewa ana roƙon duk wanda aka ba aiki ya kammala, wadda ba ta taɓa sa kowa ya tashi daga inda yake zaune ba.

Inda wannan matsala ta fi fitowa fili shi ne kwamitin kula da makaranta na al'umma, wanda aka fi sani da SBMC a Najeriya. Bayan dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta wajabta karatun shekara tara na farko, Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta amince a kafa irin wannan kwamiti a makarantun gwamnati, kuma shirin ESSPIN da Birtaniya ta tallafa daga 2008 ya horar da su a jihohi shida, cikinsu har da Kano da Kaduna da Jigawa. A Nijar ma akwai takwaransa da aka sani da COGES. Tsarin SBMC ya tara mutanen da ba sa aiki a ofis ɗaya: wakilin mai gari, malamin addini, wakilan mata, wakilan iyaye da malamai, tsofaffin ɗalibai, masu sana'ar hannu, har da wakilan yara. Ba wanda ake biya albashi saboda zama mamba, kuma a mafi yawan wurare hedimasta ne sakatare. Wannan ya sa shi a matsayi mai wuya, domin shi ne mai tuna wa mutane aikinsu alhali ba shi da ikon hukunta kowa, kuma wasu daga cikin waɗanda zai tuna wa sun haife shi.

A ɗauki misali domin a bi shi daki-daki. A ce iska ta yaye rufin azuzuwa biyu na wata makarantar firamare ta ƙauye, kwamiti ya zauna ranar Asabar 5 ga Afrilu ya tsayar da cewa zai sake zama ranar Asabar 10 ga Mayu domin yanke shawarar gyara kafin damina ta kankama. A ƙasar Hausa ruwan farko yakan zo da iska mai ƙarfi a watan Mayu ko Yuni, saboda haka ba ranar ganin dama ba ce. A zaman farko an raba ayyuka huɗu. Wakilin masu sana'a, wanda kafinta ne, zai auna rufin ya kawo ƙiyasin kwano da katako da ƙusa da kuɗin aiki daga wurare uku. Ma'aji zai karɓo takardar bayanin asusu daga banki, ya kuma bi waɗanda suka yi alkawarin gudummawa. Shugaba da sakatare za su kai wa Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma wasiƙar sanarwa da neman tallafi. Wakiliyar mata da liman kuma za su zagaya gidajen yara 23 da suka daina zuwa tun da aka gwama aji biyu a ɗaki ɗaya.

Abu na farko da sakatare zai yi, tun kafin ya rubuta kalma ɗaya, shi ne ya buɗe littafin bayanan zama. Duk abin da zai shiga saƙon tunatarwa dole ya kasance yana da tushe a cikin wannan littafi, domin ikon sakatare na aro ne daga ƙudurin kwamiti. Idan ya tuna wa ma'aji aikin da ba a rubuta an ba shi ba, ma'aji yana da damar cewa bai san da wannan magana ba, kuma gaskiyarsa ce. A nan ne ake gane cewa yawancin saƙonnin tunatarwa marasa amfani tun ranar zaman baya suka lalace. Idan abin da aka rubuta shi ne "an amince a binciki farashin kwano", to babu wanda za a tunatar, domin jimlar ba ta da mai aikatawa. Idan kuwa aka rubuta cewa wakilin masu sana'a ya karɓi aikin kawo ƙiyasi uku a rubuce, sakatare zai kwafo jimlar ne kawai ya ƙara mata rana. Aikin da aka ba mutum biyu ba tare da an faɗi wanda zai kawo rahoto ba yana da irin wannan lahani, domin liman zai ɗauka wakiliyar mata ce za ta kira shi, ita kuma tana ganin bai dace ta riga Malam magana ba. Sakatare ba zai warware wannan da kansa ba. Sai ya tambayi shugaba wa za a sa gaba, sannan ya rubuta cewa shugaba ne ya ce.

Abu na biyu, wanda a ganina shi ne zuciyar aikin, shi ne ƙirga kwanaki daga ranar taro zuwa baya. Ayyuka huɗun nan ba a jere suke kafaɗa da kafaɗa ba, wasu suna jiran wasu. Wasiƙar da za a kai ofishin ilimi ba ta da nauyi idan ba a haɗa ta da ƙiyasi ba, domin jami'in da ya karɓa tambayarsa ta farko ita ce nawa aikin zai ci. Ke nan wasiƙa tana jiran kafinta. Kafinta kuma yana jiran ranar kasuwa, domin idan kasuwar yankin mako-mako take ci, kamar yadda ta Dambatta take ci ranar Lahadi, to ranar ce zai shiga gari ya sami masu kwano da masu katako a tafiya ɗaya. Tsakanin ƙarshen Afrilu da ranar taro Lahadi biyu ce kawai, 27 ga Afrilu da 4 ga Mayu. Idan ya bari sai ta biyu, wasiƙa ba za ta isa ofis ba sai Talata ko Laraba, kuma babu yadda za a yi a sami ko da amsar baki kafin Asabar. Dole ne ya je ta farko, ya miƙa ƙiyasi ranar Talata 29, a rubuta wasiƙa a kai ta ranar Laraba 30, domin Alhamis 1 ga Mayu hutun ma'aikata ne, ofisoshi da bankuna a rufe suke, Juma'a kuma rabin yini ce a aikace. Wannan hutu ya shafi ma'aji ma, wanda yake buƙatar ranar aiki cikakkiya kafin ya je reshen banki a hedikwatar ƙaramar hukuma ya dawo.

Da wannan lissafi sai a ga cewa saƙon da aka aika kwana uku kafin taro bai da wani amfani face wanke sakatare daga zargi. Ranar da ta dace ita ce Alhamis 24 ga Afrilu, kwana 16 kafin zama, domin kafinta ya sami Juma'a da Asabar ya hau rufi ya auna. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sai dai saurin ma yana da iyaka, kuma wannan ne abin da masu ba da shawarar a riƙa tunatarwa da wuri ba sa lura da shi. Farashin kayan gini ba ya zama wuri ɗaya, ƙiyasin da aka karɓo a farkon Afrilu zai iya zama tsohon labari a ranar 10 ga Mayu, kwamiti ya amince da kuɗin da ba za su sayi adadin bandir ɗin kwanon da aka lissafa ba. Ko na 27 ga Afrilu zai kai kwana 13 a ranar zama, saboda haka saƙon ya kamata ya roƙi kafinta ya sake tabbatar da farashi ta waya a makon taro.

Sannan akwai tambayar me ake nufi da an gama. "Na je banki" ba sakamako ba ne, takarda mai hatimin banki ita ce sakamako. "Mun kai wasiƙa" ba ya isa sai da kwafin da aka buga wa hatimin karɓa da kwanan wata, domin shi ne hujja idan daga baya ofis ya ce bai ga komai ba. Ƙiyasi kuma sai an rarrabe shi: kwano bandir nawa, kowane bandir falle 20, katako guda nawa kuma wane kauri, ƙusa, kuɗin dako, kuɗin aiki, kowanne a layinsa, in ba haka ba babu yadda za a gwada ƙiyasi uku da juna. Saƙon da bai faɗi abin da za a kawo a hannu ba ya bar wa kowa ya fassara aikinsa yadda ya fi masa sauƙi.

Ga yadda saƙon zai iya kasancewa a wannan misali:

"Assalamu alaikum. Da izinin Shugaba nake tunatar da mu ayyukan da muka raba a zaman 5 ga Afrilu, domin a kansu za a yanke shawarar gyaran rufi ranar Asabar 10 ga Mayu. Na farko, ni sakatare har yanzu ban miƙa wa Hajiya da Malam sunayen yara 23 daga rajista ba, zan kai musu gobe Juma'a kafin salla in Allah ya yarda. Na biyu, wakilin masu sana'a zai kawo ƙiyasi uku a rubuce zuwa Talata 29 ga Afrilu, domin da su za a haɗa wasiƙar ofishin ilimi. Na uku, Shugaba da ni za mu kai wasiƙar ranar Laraba 30, mu dawo da kwafi mai hatimi. Na huɗu, Ma'aji zai kawo takardar banki da jimlar gudummawar da ta shigo zuwa Laraba 7 ga Mayu, a kuma tuna cewa banki ba ya buɗewa ranar 1 ga wata. Na biyar, Hajiya za ta kawo rahoton ziyarar gidaje a madadinta da Malam zuwa 7 ga Mayu. Duk wanda ya ga akwai abin da zai hana shi, ko kuɗin mota ne, ya sanar da ni kafin Asabar ɗin nan domin a san abin yi. Allah ya saka da alheri."

Akwai dalilin da ya sa sakatare ya fara da kansa. Aikin wakiliyar mata da liman ba zai soma ba sai da sunayen da ke cikin rajista, rajista kuma tana hannun hedimasta. Idan ya tuna musu aikinsu ya ɓoye nasa, su sun san inda abin ya tsaya, kuma daga ranar ba za su sake ɗaukar saƙonsa da muhimmanci ba. Buɗewa da "da izinin Shugaba" ma ba ado ba ne, yana nuna cewa ba ƙaramin ma'aikaci ne yake umartar dattawa ba. Haka kuma kowane aiki an haɗa shi da dalilinsa a taƙaice, domin mutumin da ya san cewa wasu suna jiran takardarsa ya fi motsawa a kan wanda aka ba wa rana kawai. Jimlar ƙarshe, wadda ta ambaci kuɗin mota, ita ce ta fi sauran tasiri a kwamitin sa kai. Sau da yawa ma'aji bai manta ba ne, kuɗin zuwa da dawowa ne ba shi da su, kuma nauyin baki ya hana shi faɗa a gaban jama'a. Tunatarwa goma ba za ta cika masa aljihu ba, amma tambaya ɗaya za ta fito da matsalar tun akwai lokaci.

A lura da abin da saƙon bai ƙunsa ba. Bai lissafa sunayen waɗanda suka yi alkawarin gudummawa ba su cika ba, bai kuma ambaci sunayen yaran ko na iyayensu ba. Saƙon da aka aika wa mutum goma sha biyar ba a san inda zai ƙare ba, kuma mai kuɗin garin da ya ji an karanta sunansa cikin masu bashi a majalisa zai iya janye alkawarin gaba ɗaya. Bai kuma saka sabon aiki ba. Idan sakatare ya tuna cewa ya kamata a duba silin ma, wurinsa ajandar taro ne, sai shugaba ya yarda.

Hanyar isar da saƙon tana da nata hukunci. Saka shi a zauren WhatsApp na kwamiti yana da amfani domin ya zama shaida, amma ba duk mambobi ne ke da babbar waya ba, wasu ba sa karanta boko, kuma sau da yawa wakilan mata da na yara su ne ba sa cikin zauren, wato mutanen da aka kafa tsarin domin a ji muryarsu. Waɗannan sai saƙon murya, ko kira, ko takarda da za a aika a karanta musu. Wakilin mai gari da liman kuwa ba a tuna musu aiki da rubutu kawai. Sakatare yakan taka ya je, ya gaisa, ya ce "Allah ya gafarta Malam, na kawo sunayen yaran nan ne, Hajiya ta ce duk ranar da Malam ya ga dama a shirye take", sai tunatarwa ta zo a matsayin kawo saƙo, Malam kuma ya tsayar da rana da bakinsa. Wanda ya raina wannan ya ce ɓata lokaci ne, bai san cewa a irin wannan kwamiti mutunci shi ne kaɗai ladan da mambobi suke karɓa ba.

Bayan an aika, sauran aikin sauraro ne. Alamar cewa an karanta saƙo ba amsa ba ce, haka ma "to, madalla". Amsar da take nuna aiki yana tafiya takan zo da wani bayani ko tambaya: kafinta ya ce ya auna, amma katakon aji na biyu gara ta ci, ko a haɗa da shi? Wanda ya ce "ana nan ana ƙoƙari" sau biyu ba tare da ya faɗi abu ɗaya da ya gani ko ya ji ba, mai yiwuwa bai fara ba. Idan ranar Talata 29 ta wuce babu ƙiyasi, tunatarwa ta biyu ba ta zuwa zaure, kira ne na mutum ɗaya, kuma tambayar ita ce me ya tsaya, ba me ya sa ba ka yi ba. Ta uku ba ta sakatare ba ce, ta shugaba ce. Sakataren da ya ci gaba da maimaita saƙo iri ɗaya kullum yana koya wa mambobi su daina buɗe saƙonsa, wanda kuma ya gaji ya ɗauki ayyukan ya yi da kansa ya jawo abin da ya fi muni, domin hedimastan da ya nemo ƙiyasi, ya karɓo takardar banki, ya rubuta wasiƙa, ya zama shi ne kwamitin, kuma ranar da aka yi zargin kuɗi babu wanda zai tsaya masa shaida.

Ƙimar duk wannan tana bayyana idan aka ɗora takardun a kan tebur. A ce takardar banki ta nuna naira 250,000, daga alkawuran naira 400,000 kuma an karɓi 150,000 da rasit, wato akwai 400,000 a hannu. A ce mafi sauƙin ƙiyasi ukun ya kama 620,000 na azuzuwa biyu. Giɓin 220,000 ne, alkawuran da suka rage kuma 250,000. Da waɗannan lambobi kwamiti yana da zaɓi na gaske: ko ya rufe aji ɗaya yanzu da abin da ke hannu, ko ya sayi kwanon duka biyun kafin farashi ya tashi ya bi sauran alkawura domin kuɗin aiki, ko ya jira amsar ofishin ilimi na mako guda. Idan takarda ɗaya ta ɓace, misali ta ma'aji, duk wannan lissafi ya rushe, zaman ya koma muhawara tsakanin masu cewa kuɗin sun isa da masu cewa ba su isa ba, a tashi da ƙudurin a sake zama, ruwa kuma ya sauka a kan azuzuwan.

Shi ya sa aka sa ranar miƙa takardu ta zama Laraba 7 ga Mayu, ba safiyar taro ba. Ranar Alhamis sakatare zai zauna da shugaba ya nuna masa abin da ya shigo da abin da bai shigo ba, ba tare da ƙawata labari ba. Idan rahoton ziyarar gidaje ne ya makara, ana iya zama a yanke maganar rufi, a ɗage wancan zuwa zama na gaba, domin shawarar kuɗi ba ta rataya a kansa ba. Idan amsar ofishin ilimi ce ba ta zo ba amma akwai kwafi mai hatimi, ana iya zama a yanke shawara bisa sharaɗi. Idan kuwa ƙiyasi ko takardar banki ce babu, gara shugaba ya ɗage taron da kwana uku ko huɗu a sanar da kowa tun ranar Juma'a, domin manomi da ya bar gyaran gonarsa a wannan lokaci na shekara ya zo zaman da ba a yanke komai ba, da wuya ya amsa kira na gaba, kuma idan irinsa suka yi yawa adadin da ake buƙata kafin zama ya inganta ba zai cika ba. Hukuncin ɗagewa na shugaba ne, amma da bayanin da sakatare ya kawo masa ranar Alhamis zai yanke shi.